Lambobi biyu, jimla ɗaya: yadda ake rage wa kwamfuta wahalar nema

A ce ɗan kasuwa yana da takardun bashi guda shida a hannu, na naira dubu 12, dubu 35, dubu 25, dubu 8, dubu 40 da dubu 15. Sai ga alat na dubu 50 ya shigo, wanda ya turo kuma ya ce kuɗin takardu biyu ne, bai faɗi waɗanne ba. Aikin shi ne a gano takardu biyun da jimlarsu ta ba da 50, a kuma faɗi matsayinsu a jerin. Masu rubuta manhaja sun san wannan tambaya da sunan Two Sum. Ita ce ta ɗaya a shafin LeetCode, inda masu neman aiki ke gwada ƙwarewarsu, kuma takan fito a intabiyu.

Dabarar da ke fara zuwa wa kowa ita ce a ɗauki lamba ta farko a gwada ta da duk na bayanta, sannan a ɗauki ta biyu a yi haka, har a dace. A yaren Python ga yadda take:

```python
for i in range(len(jeri)):
    for j in range(i + 1, len(jeri)):
        if jeri[i] + jeri[j] == manufa:
            print(i, j)
```

Zagaye ne a cikin zagaye. Amsar da yake bayarwa daidai ce, kuma a kan takardu shida babu abin zargi, domin haɗin bibbiyu 15 ne kawai. Matsalar tana fitowa ne idan jerin ya yi tsawo. Lambobi 10,000 suna da haɗi 49,995,000. Lambobi miliyan ɗaya suna da kusan biliyan 500. Ko da kwamfutar tana gwada haɗi miliyan 100 a kowace daƙiƙa, sai ta shafe fiye da awa ɗaya kafin ta gama. Duk lokacin da jerin ya ninka sau goma, aikin yakan ninka kusan sau ɗari. Ta nan ma ake gane cutar: manhaja ta yi gudu a lokacin gwaji, amma da bayanan gaske suka taru sai ta tsaya cik.

Maganin yana farawa ne daga sauya tambayar. Idan kana riƙe da 15 kuma kana neman 50, ba ka da bukatar gwada ta da kowa. Lamba ɗaya tak ce za ta cika ta, wato 35. Tambayar da ta rage ita ce: na riga na wuce 35 a baya, kuma a ina? In da akwai wurin ajiya da zai amsa wannan nan take, ba tare da an bi jerin daga farko ba, to zagaye na biyu ba shi da sauran amfani.

Wurin ajiyar akwai shi. A Python sunansa `dict`, a Java `HashMap`, kuma tunaninsa ya daɗe: Hans Peter Luhn na kamfanin IBM ya bayyana shi tun 1953. Yana aiki ne kamar mai tsaron takalma da ke da gurabe masu lamba, wanda in ka miƙa masa katinka zai nufi gurbi ɗaya kai tsaye maimakon ya birkita tarin. Bambancin shi ne a nan lambar gurbin daga abin da aka ajiye ake lissafo ta. A sauƙaƙe, in gurabe takwas ne, sai a raba lambar da 8 a duba abin da ya saura. 35 ta bar 3, don haka gurbi na 3 za ta zauna. In an zo nemanta daga baya, lissafin nan ɗaya za a sake, a leƙa gurbi na 3. Wani lokaci lambobi biyu sukan yi karo, kamar 8 da 40 da kowacce ke barin sifili. Sai a nema wa ta biyun wani gurbi, ko a jera su a gurbi ɗaya, kuma idan gurabe suka fara cika a ƙara yawansu. Shi ya sa nema yake zama taki ɗaya ko kaɗan a mafi yawan lokuta, komai girman ajiyar.

```python
def nemo(jeri, manufa):
    gani = {}
    for i, x in enumerate(jeri):
        saura = manufa - x
        if saura in gani:
            return gani[saura], i
        gani[x] = i
    return None
```

Bari mu bi shi da takardunmu, mu tuna cewa kwamfuta daga sifili take fara ƙirga matsayi. A matsayi na 0 akwai 12, tana bukatar 38, ajiyar kuma babu komai, sai a rubuta cewa 12 tana 0. Sai 35, tana bukatar 15, ba a gan ta ba tukuna, a ajiye 35 a matsayi na 1. Haka 25 da 8 da 40 za su nemi 25 da 42 da 10 su rasa, a ajiye su. Da aka iso 15 a matsayi na 5, saura 35, kuma ga ta a ajiye. Amsa: 1 da 5. Kowace lamba sau ɗaya aka taɓa ta. Jeri mai miliyan ɗaya zai ci nema miliyan ɗaya ne, ba biliyan 500 ba.

Na saka 25 a jerin nan da gangan, domin a kanta masu koyo suka fi tuntuɓe. A lura cewa ana dubawa ne kafin a ajiye. In aka juya layukan, aka fara ajiye 25 sannan aka tambaya ko akwai 25, manhajar za ta tarar da ita kanta, ta ce amsa 2 da 2 ce, wato takarda ɗaya ta biya bashi sau biyu. Ba za ta nuna wani kuskure ba, za ta miƙa amsar kamar gaskiya. Alamarta ita ce matsayi biyun su fito iri ɗaya. Tsarin da ke sama kuwa yana warware har yanayin da 25 ta zo sau biyu da gaske: ta farko za a ajiye ta, ta biyu ta same ta. A ganina duk wanda ya rubuta wannan dabara bai gwada ta da rabin jimlar ba, bai gwada ta ba.

Wani tarkon yana cikin lambobi masu ɗigo. Ajiyar tana neman daidaito ne cif-cif, kwamfuta kuma ba ta riƙe irin waɗannan lambobi cif-cif. A Python, `0.3 - 0.1` yana ba da `0.19999999999999998`, don haka ba za a sami `0.2` ba ko tana nan a ajiye. In kuɗi ake lissafawa, a mayar da komai kwabo, a yi aiki da cikakkun lambobi. A kuma sani cewa manhajar tana tsayawa ne a haɗin farko da ta samu. In akwai wasu takardu biyun da su ma suka ba da 50, ba za ta ambace su ba sai an gyara ta ta ci gaba da tattarawa.

Saurin nan ba kyauta ba ne, da wurin ajiya ake sayensa. Zagaye biyun ba sa ajiye komai, wannan kuwa yana iya riƙe kusan dukkan jerin a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Inda wuri ya yi ƙaranci akwai hanya ta uku: a tsara lambobin daga ƙarama zuwa babba, a sa yatsa ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe. In jimlarsu ta gaza, a matsar da na farko gaba, in ta wuce, a dawo da na ƙarshe baya. Sai dai tsarawa tana sauya matsayin lambobin, kuma matsayin ne aka tambaya, don haka dole a haɗa kowace lamba da matsayinta na asali kafin a tsara. In jerin ya zo a tsare tun farko, wannan hanyar ta fi dacewa, domin ba ta bukatar ƙarin ajiya.