README: takardar da ke riƙe shafin sakamakon makaranta

A wata makarantar sakandare da na taɓa koyarwa, wani ɗan bautar ƙasa ya gina mana shafin duba sakamako. Iyaye suka ji daɗi, malamai suka huta da cika rifot kad da hannu. Da shekararsa ta cika ya koma gida, ƙarshen zango ya zo, malamin jarrabawa ya zauna gaban kwamfuta da makin ɗalibai a hannunsa, ya rasa ta inda zai fara. Shafin lafiyarsa lau. Abin da muka rasa ɗan ƙaramin fayil ne mai suna README.

Ma'anar sunan ita ce "karanta ni". Fayil ne na rubutu zalla, galibi `README.md`, da ake ajiyewa a farkon jakar manhaja domin duk wanda ya gaje ta ya fara da shi. Na shafin sakamako yana amsa tambayoyi uku: yaya ake girka shi, me ake saitawa, kuma yaya ake shigar da makin sabon zango.

Sashen girkawa yana faɗin abin da sabar ke buƙata, da lambar sigar kowanne, sannan ya jero umarni bi da bi. Idan da Django aka gina shafin, za a ga irin wannan:

```
pip install -r requirements.txt
python manage.py migrate
python manage.py createsuperuser
```

Layin farko yana sauko da kayan da manhajar ta dogara da su, na biyu yana shirya teburori a rumbun bayanai, na uku yana buɗe asusun shugaban shafin. Marubuci mai kula yakan ƙara da faɗin abin da ya kamata a gani a allo idan komai ya yi daidai.

Saiti kuwa yawanci a fayil ɗin `.env` yake zama. A nan ake sa adireshin rumbun bayanai da kalmar sirrinsa. README yana ba da sunan kowane saiti da amfaninsa, amma kalmar sirri ta gaskiya ba ta shiga cikinsa, domin kowa na iya karanta shi. Ya kuma ja kunne cewa `DEBUG` ya kasance `False` a shafin da jama'a ke shiga, in ba haka ba ƙaramin kuskure zai baje bayanan cikin manhaja ga duk mai kallo. Nan ne kuma ake bayyana rabon maki na makarantar, misali 40 na gwajin cikin zango, 60 na jarrabawa.

Sashe na uku shi ya fi cancantar a ɓata masa lokaci. Girkawa sau ɗaya ake yi, amma shigar da maki sau uku ne a shekara, kuma mai yin sa malami ne da ke cikin gaggawa. Matakin farko shi ne a kwafe rumbun bayanai a adana. Na biyu, a buɗe sabon zango a cikin shafin, a tabbatar shi ne wanda aka zaɓa. Wannan matakin muka tsallake a makarantarmu, makin zango na biyu ya hau kan na farko ya shafe shi, muka kwana uku muna dawo da shi daga takardun malamai. Na uku, a shirya makin a fayil ɗin CSV, kuma README ya nuna samfurinsa:

```
admission_no,subject,term,ca,exam
0042,Mathematics,2,31,48
```

Akwai tarko biyu a nan da Excel ke ɗanawa. Yakan ɗauki 0042 a matsayin adadi, ya mayar da ita 42, sai shafin ya ce bai san ɗalibin ba. Maganinsa shi ne a mai da jerin lambobin ya zama `Text` kafin a fara cikawa. Haka nan idan aka adana jerin sunaye da CSV na yau da kullum, ƙ da ɗ da ɓ sukan koma alamar tambaya. Sai a zaɓi `CSV UTF-8` wajen adanawa.

Daga nan sai dubawa kafin a saki sakamako. Aji mai ɗalibai 40 da darussa 9 ya kamata ya ba da layuka 360. Idan shafin ya ce ya karɓi 351, to layuka 9 sun ɓata, kuma mai yiwuwa ɗalibi guda ne aka yi kuskure a lambarsa. A kuma buɗe sakamakon ɗalibai biyu ko uku a gwada da takardar malami: mai 31 da 48 dole ya fito da 79.

Wanda ya rubuta README ba shi zai tabbatar da ingancinsa ba, tunda ya riga ya san hanya. A ba malamin jarrabawa ya bi shi shi kaɗai da makin aji ɗaya, maginin shafin na zaune a gefe bai ce uffan ba. Duk inda malamin ya ɗago kai zai yi tambaya, a nan akwai layin da ba a rubuta ba, sai a rubuta shi tun maginin bai tafi ba.