Na danna linkin: me zan faɗa, wa zan faɗa wa, kuma yaushe?

Ga rubutaccen shirin wannan makon ga waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba.

Yau ba zan ce muku "kada ku danna linki" ba. Kun ji wannan har kun gaji, kuma duk da haka ana dannawa. Maganar yau ta bayan an riga an danna ce. Zan ba ku labarin abin da ya same mu a ƙungiyarmu ta matasa a nan Hanwa, da izinin wadda abin ya faɗa wa, ba tare da suna ba.

Ranar wata Talata da ƙarfe 9:40 na dare, sakatariyarmu ta ga saƙo a wani guruf cewa an buɗe tallafi ga ƙungiyoyin matasa, za a rufe da tsakar dare. Ta danna. Shafin ya ce ta shiga da imel, ta sa imel ɗin ƙungiya da kalmar sirrinsa, ta ƙara da lambar wayarta. Irin wannan damfarar ce ake kira fishin, wato fatsa: an sa maka tsutsa a ƙugiya, kai da kanka za ka haɗiya. Ƙarfe 10:05 wani ya kira ta cikin ladabi, da Hausa tsantsa, ya ce an turo mata lambobi shida don tabbatar da rajista, ta karanto masa. Ta karanto. Minti biyu bayan haka WhatsApp ɗinta ya fitar da ita.

To a nan ne gizo yake saƙa. Jikinta ya ba ta an yi mata wani abu. Amma dare ya yi, ga kunya, ga tunanin me shugaba zai ce, sai ta ce bari gari ya waye. Ƙarfe 6:30 na safe ɓarawon ya fara bin 'yan guruf ɗaya bayan ɗaya da sunanta da hotonta: wai mahaifiyarta na asibiti a Shika, manhajar bankinta ta ƙi aiki, a taimaka a tura kuɗi wannan asusun, za ta mayar da azahar. Mutum biyu suka tura, ɗaya naira 15,000, ɗaya 20,000. Sai ƙarfe 7:15 wani ɗan'uwa da ya ga mahaifiyar tata lafiya lau jiya ya kira ta a waya ya ce, "Hajiya ce ba lafiya?"

Ku lura da lokuta uku, domin su ne ƙashin bayan kowane rahoto: lokacin da abin ya faru, lokacin da aka gano, da lokacin da aka toshe. Namu ya faru 9:40 na dare, ƙungiya ta gano 7:15 na safe. Awa tara da minti 35 ke nan ɓarawo yana cikin gidanmu ba mu sani ba. Duk kuɗin da aka rasa a cikin minti 45 na ƙarshe aka rasa su. Da ta kira mutum ɗaya ƙarfe 10:10 na dare, da ko sisi ba a tura ba. Ban faɗi wannan don a zarge ta ba. Laifinmu ne da ba mu taɓa zama mun ce ga wanda za a kira in irin haka ta faru ba, kuma mun saba yi wa wanda aka damfara dariya a guruf. Wa zai kai kansa a yi masa dariya?

Lokacin ba ado ba ne a rahoto. Shi ke gaya maka iyakar inda za ka bincika: duk saƙon da ya fita daga asusun, duk saitin da aka canja tsakanin 9:40 da lokacin toshewa, abin zargi ne. Kuma ba sai ka dogara da ƙwaƙwalwa ba. Tarihin burauza na nuna mintin da aka buɗe shafin, saƙon lambobi shida na ɗauke da lokacinsa, jerin kira ma haka. Shi ya sa kada ka goge komai don haushi. Ɗauki hoton allo tukuna.

Sai tambaya ta biyu: waɗanne asusai abin ya shafa? Ita da muka tambaye ta cewa ta yi, "WhatsApp ne kawai." Haka kowa ke cewa, domin shi ne wanda ya gani da idonsa. Tambayar da ta dace ita ce: me kika rubuta a shafin, kuma me wannan abin yake buɗewa? Ta rubuta kalmar sirrin imel. Imel ɗin yana buɗe Google Drive na ƙungiya, inda muke da jadawalin mambobi 214 da sunayensu, lambobin waya, lambar NIN da lambar asusun banki, da muka tattara lokacin neman wani horo. Kalmar sirrin nan kuma ita ce dai ta shafinmu na Facebook, don mun ga ya fi sauƙin tunawa. Daga asusu ɗaya lissafi ya koma huɗu, daga mutum ɗaya ya koma 214.

Wajen toshewa, da WhatsApp muka fara don ta nan jini ke zuba. Layin yana hannunta, saboda haka ta sake rajista da lambarta, sabbin lambobi shida suka shigo, ta sa. Sai manhajar ta nemi wasu lambobin sirri da ba ita ta sa ba: ɓarawon ya kunna Two-step verification. A irin wannan hali sai ka jira kwana 7 kafin ka iya shiga, amma ku riƙe wannan, da zarar ka sa lambobin da suka zo ta saƙo, an fitar da shi daga asusun. Mutane da yawa na ganin an nemi lambar sirri sai su ɗauka ba su yi komai ba. A'a, an yi babban aiki. Wannan 7:40 ke nan. A daidai lokacin wani admin ya cire lambarta daga gurufofinmu, ya yi saƙon murya cewa kada kowa ya tura kuɗi. Murya muka zaɓa don rubutu kowa na iya yin sa da sunan kowa.

Imel kuma daga kwamfutar wani muka shiga, muka canja kalmar sirri 7:55. Sa'ar da muka ci bai riga mu canjawa ba, kuma ina ganin da gangan ne, don kada a farga. A nan ne aka fi yin kuskure: a canja kalmar sirri a ce an gama. Mun shiga myaccount.google.com/security muka ga wata waya da ba mu sani ba, muka fitar da ita. Muka duba lambar waya da imel na dawo da asusu, ba a taɓa su ba. Amma a saitin Gmail, ƙarƙashin Forwarding and POP/IMAP, mun tarar an sa wani adireshi da ake tura wa kwafin duk wasiƙar da ta shigo. Da mun tsaya a kalmar sirri, da har yau yana karanta wasiƙunmu, har da saƙon sake saita kalmar sirrin Facebook. Muka ɗauki hotonsa, muka cire, sannan muka canja ta Facebook, muka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a duka. An gama toshewa 8:20.

Ɓangaren kuɗi, kowa bankinsa zai kira, ba bankin ɓarawo ba, ya ba da lambar asusun da ya tura wa, adadin, lokaci da lambar shaidar turawa, ya kuma karɓi lambar ƙorafi. Mai 20,000 ta kira tun kafin ƙarfe takwas, aka samu aka riƙe wani ɓangare a can, kodayake sai da aka yi makonni ana zarya da takardu. Mai 15,000 ya ce sai ya taso aiki zai biya ta PZ. Kafin la'asar asusun ya zama fanko. Idan kuwa bayanan katinka ko lambar sirrin banki ka rubuta a shafin, kada ka jira kiran kowa, rufe asusun nan take. Bankuna na da lambar gaggawa da ake dannawa ko daga wayar wani, misali *901*911# na Access ko *966*911# na Zenith. Nemi ta bankinka yau, ka rubuta a takarda.

Ga yadda rahoton da muka rubuta da safen ya kasance, kusan kalma da kalma: "Talata 9:40 na dare an shigar da kalmar sirrin imel ɗin ƙungiya a shafin bogi. 10:05 an ba da lambobin WhatsApp ta waya. An gano Laraba 7:15 na safe. Abin ya shafi WhatsApp na sakatariya, imel, Drive da shafin Facebook. An fitar da mai kutsen daga WhatsApp 7:40, daga imel 7:55, an cire turawar wasiƙu 8:20. Mutum biyu sun tura jimillar naira 35,000. Ba mu tabbatar ko an kwafi jadawalin mambobi ba, amma mun ɗauka an kwafa." Babu "wallahi ban san yadda aka yi ba", babu sunan mai laifi. Jimlar ƙarshen nan ita ce ta fi wahalar rubutawa, har sai da muka yi musu a kai, amma wanda ya kwana da mabuɗin ɗakinka ba ka cewa bai buɗe akwati ba don kawai ba ka gan shi ba.

Akwai kuma doka. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, sashe na 40, ta ce wanda ke riƙe da bayanan mutane, in aka yi kutsen da zai iya jefa su cikin haɗari, ya sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin awa 72 daga lokacin da ya sani, in haɗarin babba ne kuma ya sanar da su kansu masu bayanan ba tare da jinkiri ba. Kun ga amfanin rubuta 7:15 ɗin nan: agogonmu ya fara Laraba da safe, zai cika Asabar 7:15. Dokar laifukan intanet ta 2015 ma da kwana 7 ta bayar don kai rahoto ga cibiyar ngCERT da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, gyaran 2024 ya mayar da shi awa 72. Batun damfarar kuɗi kuma na 'yan sanda ne, suna da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja, kuma takardar rahotonsu na cikin abin da banki kan nema.

Mambobinmu mun sanar da su tun ranar Laraba da azahar, a fili: wataƙila sunanku, lambarku, NIN da lambar asusunku suna hannun ɓarawo, duk wanda ya kira ku yana karanto muku waɗannan don ku yarda daga banki yake, ku kashe wayar. Wasu sun yi fushi, kuma suna da gaskiya, don me ma muka ajiye NIN ɗinsu bayan an gama horon? Mun goge wannan layin daga jadawalin. Bayan kwana tara wani mamba a Hanwa Lokos ya samu irin kiran, mai kiran ya faɗi cikakken sunansa da bankinsa, ya ce a karanto masa lambobin da aka turo. Ya kashe, ya rubuto mana lokacin kiran da lambar, muka ƙara a rahoton.