Kuɗin Rijiyar Bara Ba Ya Shiga Lissafin Albasar Bana

Duk wanda ya san fadamar Tarka a yankin Madawa ya san cewa noman albasa na rani sai da jari. Tun kafin a dasa iri, kuɗi sun tafi wajen haƙar rijiya, sayen injin ban ruwa da gyaran fangali. A nan ne manoma da ƙungiyoyinsu suke yin wani kuskure da ya daɗe yana damuna. Idan aka zauna rubuta kuɗin da aiki zai ci da wanda zai kawo, sai a fara da abin da aka kashe tun bara.

Mu ɗauki misali. Wani manomi ya kashe jika 600 ta sefa bara ya haƙa rijiya a garkarsa, jari ya ƙare, bai shuka komai ba. Bana yana shawara ko ya ci gaba. Injin zai ci jika 150. Iri, taki, mai da ƙwadago za su ci jika 350. Albasar da yake sa rai kuwa za ta kawo jika 700. Idan ya haɗa da kuɗin rijiya, zai ga kashewa jika 1,100, samu jika 700, wato faɗuwar jika 400, sai ya ce aikin ba riba, ya fasa.

To, a duba abin da fasawar ta jawo. Jika 600 ɗin nan ba ta dawo ba, tana cikin ƙasa. Da ya shuka, da ya fitar da 500 ya karɓi 700, ya tashi da 200 a hannu. Kuɗin rijiyar iri ɗaya ne ko ya shuka ko bai shuka ba, kuma abin da bai bambanta hanya biyu ba, ba ya iya nuna wadda ta fi. Shi ya sa masana tattalin arziki suke cire irin wannan kuɗi, wanda suke kira kuɗin da ya nutse, daga jerin shiga da fitar kuɗin aiki. Abin da ake rubutawa shi ne kawai wanda shawarar yau za ta sa ya fita ko ya shigo.

Kuskuren yana da wata fuska, kuma a ganina ta fi muni. A ce ruwan rijiyar ya ja baya, ba zai shayar da ko rabin garkar ba, samun ya sauko zuwa jika 400. Yanzu ci gaba zai ci 500 don ya kawo 400. Amma sai ka ji mai garka yana cewa, "Bayan duk abin da na zuba, yaya zan bari?" Zafin asara ne da kunyar idon jama'a suke magana, kuma za su ƙara masa asarar jika 100 a kan ta bara.

Tambaya ɗaya ce ke tantancewa: in na fasa yau, wannan kuɗin zai dawo aljihuna? Ladan mahaƙa ba zai dawo ba. Bashin da aka ci don rijiyar ma dole a biya shi ko an shuka ko ba a shuka ba, don haka ba ya cikin wannan awo, ko da yake dole mutum ya san inda zai samo kuɗin biyansa. Sai dai a yi hattara, ba duk tsohon abu ne ya nutse ba. Idan maƙwabci zai karɓi hayar garkar da rijiyarta a kan jika 120, wannan kuɗi ne na gaske da mai garka zai rasa in ya noma da kansa. Dole a rubuta shi, sai ribar 200 ta koma 80.

Haka abin yake ga ayyukan jama'a. Tun 1984 aikin raya karkara na Keita, da tallafin ƙasar Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya gina madatsun ruwa da gandarin duwatsu, mata da yawa suka ɗauki dutse a ka. A kwarin Majiya na Buza kuwa an dasa layukan dogon yaro don tare iska tun 1975. Idan yau wata madatsa ta cike da yashi, yawan abin da aka kashe wajen gina ta ba hujja ba ne na gyara, ba kuma hujja ba ne na bari. Kuɗin yashe ta za a auna da gonaki da dabbobin da za su sha ruwanta nan gaba.

Ina kira ga ma'ajin ƙungiyoyin manoma da ƴan majalisar gundumomi: ku ajiye kuɗin da aka riga aka kashe a littafin ba da bahasi, inda jama'a za su tambayi yadda aka yi da shi. A takardar yanke shawara kuwa, ku fara lissafi daga ranar da kuka zauna.