Ƙasar aro: yadda of-amf mai juya sigina ke aiki

Of-amf ƙaramar aisi ce da ke ƙara wa siginar lantarki ƙarfi, ana kuma samun ta a cikin rediyo, amfilifaya da na'urorin awo. Fitacciya a cikinsu ita ce 741, wadda kamfanin Fairchild ya fitar a 1968. Ƙafafu takwas gare ta. Ƙafa ta 2 da ta 3 mashigai ne, ta 2 mai alamar ragi, ta 3 mai alamar ƙari. Ta 6 ce mafita, ta 7 da ta 4 kuma su ke karɓar wuta, galibi bolt 15 sama da sifiri da bolt 15 ƙasa da shi.

Aikinta guda ne: ta duba bambancin da ke tsakanin mashigan nan biyu, ta ninka shi kamar sau 200,000. Ninki irin wannan ya wuce hankali, don ko bambancin kashi ɗaya cikin dubu na bolt ya isa ya kai mafita maƙura. Shi ya sa ake yi mata linzami da rizisto biyu. Ana haɗa ƙafa ta 3 da ƙasa, wato wayar da ake ɗauka a matsayin sifiri. Sigina na shiga ƙafa ta 2 ta rizisto na farko, R1. Na biyu, R2, yana tasowa daga mafita ya dawo ƙafa ta 2 ɗin.

Da zarar sigina ta ɗan ɗaga ƙafa ta 2 sama da sifiri, sai mafita ta yi ƙasa da sauri, tunda wannan mashigi juya abu yake yi. Saukar da ta yi kuma sai ta biyo ta R2 ta janyo ƙafar ta dawo. Mafita ba ta tsayawa sai ƙafa ta 2 ta kusan daidaita da ta 3. Sakamakon haka ƙafa ta 2 na zaune a sifiri alhali babu wata waya da ta haɗa ta da ƙasa. Wannan ce ƙasar aro. Kamar katako ne da aka ɗora bisa dutse: gefe ɗaya ya hau, ɗayan ya sauka, inda ke kan dutsen kuwa bai motsa ba.

A ɗauka R1 kilo'om 10 ne, R2 kilo'om 100, aka kuma shigar da rabin bolt. Gefen R1 ɗaya na kan rabin bolt, ɗayan na kan sifiri, saboda haka maikro'amfiya 50 ke gudana a cikinsa. Ina wannan wuta za ta bi? Mashigin of-amf kusan ba ya shan komai, ƙasa ta gaske kuma babu ita a wurin. Ba ta da hanya sai R2. Maikro'amfiya 50 a cikin kilo'om 100 na haifar da faɗuwar bolt 5, kuma tunda daga sifiri aka fara, mafita na sauka zuwa bolt 5 ƙasa da sifiri. Sigina ta ninku sau 10, ta kuma kife. A taƙaice:

```
Vout = -(R2 / R1) × Vin
```

Abin lura shi ne 200,000 ɗin nan bai fito a lissafin ba. Rizisto biyu ne kaɗai ke yanke hukunci, don haka ko an canza aisin da wata, ninkin na nan a 10. Sifirin dai ba cikakke ba ne: kafin mafita ta kai bolt 5, ana buƙatar saura na kusan maikrobolt 25 a ƙafa ta 2.

Ƙasar aro na ɗorewa ne muddin mafita na da sararin motsi. Da wutar bolt 15, 741 ba ta wuce 13 zuwa 14 a kowane ɓangare. In aka shigar da bolt 2, lissafi na neman 20 ƙasa da sifiri, abin da ba zai samu ba. Mafita sai ta cije a wajen 13, ƙafa ta 2 ta tashi zuwa kusan bolt 0.6, kan siginar ya yanke, murya ta fito a shaƙe daga lasifika. Haka ma in R2 ya tsinke ko dalmarsa ta saki, mafita kan manne a maƙura.

Wannan ya ba mai gyara gwaji mai sauƙi. Ya ɗora mita tsakanin ƙafa ta 2 da ƙasa yayin da na'urar ke kunne. In ta nuna kusan sifiri, linzamin na aiki. In ta nuna wani abu mai kauri, sai ya duba girman siginar da ke shiga, da R2, da wutar ƙafa ta 7 da ta 4, kafin ya ɗora wa aisin laifi.