Ƙayyadadden Lokacin Harba Roka: Misali daga NigeriaSat-1

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana dalilin da ya sa ba a harba roka sai a cikin wani ɗan taƙi na lokaci, wanda in ya wuce sai a jira wata rana. Za mu ɗauki misali da tauraron ɗan'adam na farko da Nijeriya ta mallaka, watau NigeriaSat-1, wanda aka harba daga Plesetsk ta ƙasar Rasha ran 27 ga Satumba, 2003, ya kuma daina aiki a 2012.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, hanyar da tauraro yake bi ya kewaya duniya, watau falakinsa, kwance take a kan shimfiɗa guda, kamar bakin faifai, kuma tsakiyar faifan ita ce tsakiyar duniya. Wannan faifai ba ya bin juyawar duniya. Ita ce take juyawa a cikinsa, digiri 360 cikin awa 23 da minti 56, digiri ɗaya ke nan a kowane minti huɗu. Saboda haka filin harba roka yana ratsa faifan sau biyu kacal a kwana guda, muddin karkatar falakin ta ɗara nisan filin daga ikwaita. Ko a cikin biyun nan ma, galibi ɗaya ake iya amfani da shi, don ɗayan yakan tilasta wa roka bi ta kan garuruwa, alhali tana yar da gangunanta a hanya.

To, me ya sa lalle sai wannan faifai? An shirya NigeriaSat-1 ne don ɗaukar hoton ƙasa daga nisan kilomita 686, a falaki mai karkatar digiri 98. Da yake duniya tana da ɗan kumburi a ikwaita, kumburin yana juya irin wannan faifai kimanin digiri ɗaya a kwana, daidai da tafiyar duniya kewaye da rana. Sakamakon haka tauraron yakan ratsa kowane wuri a lokaci guda na yini, da hantsi. Mai son ya gwada bakin Tafkin Kainji a Yauri ko Ngaski lokacin cikar ruwa da lokacin janyewarsa yana bukatar hotunan da aka ɗauka a sa'a ɗaya, domin kada hasken safe da na yamma su ruɗe shi. Sa'ar da aka harba rokar ita ce take yanke wannan sa'a.

A ganina wannan kaɗai bai isa ya matse lokacin ƙwarai ba, gama minti biyar ba ya ɓata hoto. Babban dalili shi ne tauraron ba shi kaɗai zai yi aiki ba. An harba shi tare da na Birtaniya da na Turkiyya don su tarar da AlSat-1 na Aljeriya, wanda ya riga su hawa tun 2002, su jeru a faifai guda. Faifan yana can, ba ya jiran kowa.

Bari mu ƙaddara an makara da minti goma. Duniya ta juya digiri 2.5, sabon faifan kuwa ya kauce wa na farko da kusan haka. A saman Birnin Yauri tazarar ta kai wajen kilomita 270. Gudun tauraron kilomita 7.5 ne a daƙiƙa, kuma canjin gudun da ake bukata don karkatar da shi ana samunsa ta haka:

Δv = 2v sin(θ/2)

inda v take nufin gudu, θ kuma kusurwar da ke tsakanin faifan biyu. Digiri ɗaya yana cin mita 131 a daƙiƙa, digiri 2.5 kuwa mita 327. Tauraron da nauyinsa bai wuce kilo 100 ba, ɗan makamashin da yake ɗauke da shi bai kai ko kusa da wannan ba. Ita rokar tana iya ɗan lanƙwasa hanya tana cikin hawa, iyakar abin da za ta iya gyarawa kuwa shi ne faɗin taƙin.

Dole a bambanta wannan da makara a cikin faifai guda. In tauraro ya shiga faifan da ake so amma yana bayan ɗan'uwansa, gyaran ba shi da tsada: sai a ɗan sauko da shi, kewayensa ya gajarta, ya riƙa cim masa a hankali cikin 'yan makonni, sa'an nan a mayar da shi nisansa na da.

Idan aka fasa harbawa, lokacin da za a sake gwadawa ya danganta ga irin falakin. Ga falaki mai bin rana irin na NigeriaSat-1, damar takan dawo kashegari a daidai sa'ar jiya. Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa kuwa karkatarta digiri 51.6 ce, faifanta yana ja yamma da kimanin digiri biyar a kwana, don haka mai nufinta sai ya riƙa rage wajen minti 23 daga lokacin jiya a kowace rana.