Babi Kan Mayar Da Dogon Jeri Zuwa Jadawali Mai Jimla

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, aka jawo ruwanta ta manyan magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, sai rubutu ya zama wani rukuni na noman rani, domin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ba ta da hanyar raba ruwa bisa adalci ko karɓar kuɗinsa face ta san abin da aka shuka da inda aka shuka shi. Malamin gona yakan bi manoma da littafi, kowace gona layi guda: sunan mai ita, garinsu, abin da ya shuka, da yawan ekarsa. Wannan jeri hujja ce ingantacciya, amma ba ya amsa tambaya, gama wanda ya ce a faɗa masa ekar alkama nawa ke Kadawa sai an bi masa shafi bayan shafi.

Maganin wannan shi ne a zana jadawali, a jera garuruwa a gefe daga sama zuwa ƙasa, a jera nau'o'in amfanin gona a bisa daga hagu zuwa dama, ta yadda kowane gari da kowane nau'i za su haɗu a gida ɗaya tak, kamar gidajen hatimi da malaman hisabi ke zanawa. Sa'an nan a koma ga jerin, a ɗauki layi ɗaya, a dubi garinsa da nau'insa, a zuba ekarsa a gidan da ya dace, a yi masa alama kafin a wuce, don kada a maimaita shi. Ga misali da muka ƙaga don bayani kawai:

| Gari | Alkama | Tumatir | Albasa | Jimla |
|---|---|---|---|---|
| Kadawa | 40 | 25 | 10 | 75 |
| Karfi | 18 | 30 | 5 | 53 |
| Gafan | 20 | 45 | 0 | 65 |
| Jimla | 78 | 100 | 15 | 193 |

Jimlar gefe ta mai karɓar kuɗin ruwa ce, don gari gari yake bi. Ta ƙasa kuwa ita ce ke nuna cewa fiye da rabin filin tumatir ne, wanda kuma ya san yadda kwando ke faɗuwa a kasuwar Kwanar Gafan idan kaya suka nuna lokaci guda, zai fahimci ma'anar eka 100 ɗin nan tun kafin fure ya fito.

Gidan kusurwa shi ne mizanin aikin: in an tara 75 da 53 da 65 a sami 193, in an tara 78 da 100 da 15 lalle ne a sake samun 193. Sai dai a nan akwai wata shubuha da take ruɗin masu lissafi da yawa, wato zaton cewa dacewar nan ta tabbatar da sahihancin jadawalin, alhali iyakar abin da ta tabbatar shi ne ba a yi kuskuren tarawa ba. A ɗauka wani manomi a Karfi yana da eka 4 da ya haɗa tumatir da albasa a ciki, malamin gona ya rubuta ta sau biyu, 4 a nan, 4 a can. Jadawalin zai ba da 197 ta gefe, ya ba da 197 ta ƙasa, kowa ya gamsu, ga kuwa eka 4 da babu su a doron ƙasa an ɗora wa mutane kuɗin ruwansu. Ba a gano irin wannan sai an gwada kusurwa da jimlar filayen da aka auna, wadda ba ta bi ta jadawalin ba. Saboda haka wajibi ne a yanke ƙa'ida tun farko: ko a raba gonar, 3 ga tumatir 1 ga albasa, ko a buɗe mata layin gauraye na daban.

A yau Excel na yin zubin da PivotTable, ko kuma da irin dabarar lissafin da ke ƙasa a kowane gida, ana canza sunan gari da na nau'i, idan gari yana B, nau'i yana C, eka tana D:

```
=SUMIFS(D:D,B:B,"Kadawa",C:C,"alkama")
```

Na'urar ba ta mantuwa, amma ba ta da firasa: wanda ya rubuta tumatir a wani layi, tumatur a wani, nau'i biyu za ta ba shi a PivotTable, SUMIFS kuwa ta tsallake ɗayan ba tare da sanarwa ba. Haka nan ba ta bambance eka da hekta, ko da yake hekta guda ta kusa eka biyu da rabi.

Saura sifilin da ke gaban Gafan a layin albasa, wanda bai halatta a rubuta shi ba sai an je an duba an tarar ba a shuka ba. Idan rahoton ne bai iso ba, a bar gidan da alamar jira, a kuma rubuta a gefen 15 da 65 da 193 cewa ba su cika ba tukuna.