Yadda ake mayar da zanen ruwan sama na Garoua zuwa jadawalin rubutu

Da damina ta gabato, hotunan zanen alƙaluma kan yawaita a wayoyin mutanen Garoua da sauran garuruwan arewacin Kamaru. Akasarinsu da Faransanci suke, kuma daga nan sukan tsallaka zuwa Yola da Mubi. Matsalar hoto ita ce ba a iya lissafi da shi, ba ya karantuwa a rediyo, kuma manhajar da ke karanta wa makafi rubutu ba ta gane tsayin sanda. Mafita ita ce a mayar da shi jadawali. Sai dai idan aka yi kuskure wajen kwafewa, lambar ƙarya ce za ta yi ta yawo da sunan hukumar da ta fitar da zanen.

Zanen da aka fi sani shi ne wanda littattafan makaranta ke kira «diagramme ombrothermique». Sanduna goma sha biyu ne ke nuna ruwan saman kowane wata, layi guda kuma yana nuna zafi.

Aikin farko shi ne kwafe duk rubutun da ke jiki kafin a taɓa lamba: take, shekarun da aka auna, da sunan wanda ya fitar da zanen. Daga nan sai layin kwance, inda ake taƙaita watanni da J F M A M J J A S O N D. Harafin J ya zo sau uku, M da A sau biyu-biyu, don haka da matsayi ake gane wata. A jadawali sai a rubuta cikakken suna, daga Janairu zuwa Disamba.

Na biyu shi ne mabuɗin zane, wato akwatin da ake rubuta wa «Légende». Shi ke faɗin abin da kowane launi yake nufi. Tunda jadawali ba shi da launi, kowane abu da ke cikin mabuɗin zai samu nasa ginshiƙi tare da ma'auninsa: «Précipitations (mm)» ya zama ruwan sama da milimita, «Températures (°C)» ya zama zafi da digiri.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne layukan tsaye, domin guda biyu ne, ɗaya na ruwa ɗaya na zafi. A tsarin masanin tsirrai Henri Gaussen, milimita 20 na ruwa suna daidai tsayi da digiri 10 na zafi. Wanda ya karanta layin zafi a gefen ruwa zai samu ninkin lambar gaskiya.

Idan an rubuta lamba a kan kowace sanda, kwafewa kawai za a yi. Idan babu, sai an auna. A matsayin misali, a ce a takardar da aka buga, tazarar 0 zuwa 300 a gefen ruwa santimita 15 ce. Ke nan kowace santimita milimita 20 ce ta ruwa, ko digiri 10 na zafi. Sandar Agusta ta kai santimita 12, wato milimita 240, ɗigon zafinta kuma yana kan 2.7, wato digiri 27. Sandar Afrilu tana kan 2.5, ɗigonta yana kan 3.3. Ga yadda za su fito:

```
Wata    | Ruwa (mm) | Zafi (°C)
Afrilu  | ~50       | ~33
Agusta  | ~240      | ~27
```

Alamar ~ tana sanar da mai karatu cewa ƙiyasi ne daga tsayin sanda. Kuskuren milimita ɗaya a kan rula yana sauya sakamako da milimita 2 na ruwa, saboda haka rubuta 240.5 ƙarya ce. Kafin awo kuma a duba ko layin tsaye daga sifili ya fara. Idan daga 100 ya fara, sai an ƙara 100 a kan abin da aka auna.

Akwai kuma bambancin rubutun lamba. Faransanci yana sa waƙafi a inda ’yan Nijeriya ke sa ɗigo, yana kuma raba dubu da sarari: 27,5 na nufin 27.5, sannan 1 000 na nufin 1,000. Manhajoji irin su Google Lens suna kwafo rubutu daga hoto, amma a hoton da ya dushe sukan ɓatar da waƙafi, 27,5 ya koma 275.

Daga ƙarshe a gwada jadawalin da abin da aka sani. Garoua na samun kusan milimita 1,000 a shekara, Agusta ne ya fi ruwa, Disamba da Janairu kuwa kusan babu ko ɗigo. Idan jimillar watanni goma sha biyu ta fito 500 ko 2,000, an yi kuskuren ma'auni. Idan zafin Afrilu ya fito 66, an karanta gefen ruwa. Watan da babu ruwa a rubuta masa 0, amma watan da hoton bai nuna ba a rubuta «babu bayani», domin ma'anarsu ba ɗaya ba ce.